Ga Hoto Tangaran, Babu Murya: Kafin Ka Sake Sayen Wayar HDMI

Idan talabijin ta nuna hoto ta ƙi fitar da murya, abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su aiki yaro shagon kayan lantarki ya sayo sabuwar wayar HDMI. A kawo, a jona, a tarar shirun yana nan. Wani ma sai ya ce ai ta arha aka sayo, ya koma ya ƙara kuɗi ya karɓo mai kauri mai bakin zinare. Ita ma shiru. Wannan shi ne a bar jaki a riƙa dukan taiki, domin a cikin duk abubuwan da ke iya hana murya fita, wayar ce ta fi ƙarancin laifi, musamman idan hoton yana fita tas babu kyaftawa. Dalilin haka yana cikin yadda aka ƙera HDMI tun asali, kuma wanda ya gane shi zai rage wa kansa asarar kuɗi da ɓacin rai.

Mun saba da tsohuwar waya mai kai uku: rawaya ta hoto, ja da fara na murya. A waccan, idan murya ta ɗauke, zargin waya daidai ne, don kowane aiki da silinsa, ɗaya na iya tsinkewa sauran su ci gaba da aiki. HDMI, wadda kamfanoni bakwai da suka haɗa da Sony da Panasonic da Philips da Toshiba suka fitar da ƙa'idarta a ƙarshen shekarar 2002, ba haka take ba. Idan ka leƙa bakinta da fitila za ka ga ƙananan haƙora 19, amma babu ko ɗaya a cikinsu da aka ware don kai murya daga dikoda zuwa talabijin. Hoto layi-layi ake aika shi, kuma tsakanin ƙarshen wannan layi da farkon na gaba akwai ɗan sarari da ba hoto a cikinsa. A hoto mai girman 1080, kowane layi yana da gurbin ɗigo aƙalla 2200, amma 1920 ne kawai ake gani a allo. A cikin ragowar ne ake cusa muryar, a bi da ita ta silin da hoton ya bi. Kamar motar da aka yi wa lodin buhuna ne aka saƙa ƙananan ƙullin kaya a tsakaninsu: idan buhunan sun iso lafiya, ba za ka ce hanya ce ta yanke ba. Ko dai ba a saka ƙullin ba tun daga tasha, ko kuma mai karɓa bai san yadda zai kwance shi ba.

Saboda haka tambayoyi uku ne ke gabanka. Shin na'urar da ke aikowa, dikoda ce ko kwamfuta ko na'urar wasan gem, ta saka murya a cikin wayar? Shin ta saka ta a tsarin da talabijin ɗin ke ganewa? Shin talabijin ɗin, bayan ta karɓa, sifikunta take kai wa ko wani wuri dabam? Gwajin ramuka da wayoyi hanya ce ta amsa waɗannan, kuma sharaɗinsa guda ne wanda ba a tsallake shi: abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Wanda ya canza waya da rami da dikoda a lokaci guda, ko da muryar ta dawo bai san abin da ya gyara ba, kuma ranar da ta sake ɗaukewa daga farko zai soma.

Fara da talabijin ita kaɗai

Kafin ka taɓa wayar HDMI, tabbatar cewa talabijin ɗin tana iya magana. Zuba wani bidiyo ko karatu a filashi ka soka a ramin USB, ko ka koma tashoshin eriya, ko ka buɗe YouTube idan irin mai shiga intanet ce. Wasu suna da gwajin kansu. A talabijin ɗin Samsung, alal misali, akwai Sound Test a ƙarƙashin Self Diagnosis, wanda ke kaɗa ɗan sauti. Idan nan ma shiru ne, to HDMI ba ta da hannu a lamarin. Duba ko an bar kan iyafis a raminsa, don talabijin da yawa suna kashe sifikunsu da zarar an soka wani abu a wurin, ko da guntun kai ne da ya karye a ciki. Sannan shiga saitin sauti ka nemi inda aka rubuta Sound Out ko Sound Output ko Speakers. Ya kamata ya tsaya a kan TV Speaker. Idan ka tarar da shi a kan Optical ko HDMI ARC ko Bluetooth, talabijin ɗin tana fitar da murya, sai dai tana aika ta inda babu mai saurare. Gidan da ke da yara masu wasa da rimot ya san wannan.

Akwai kuma abin da ake jin kunyar faɗa amma yana yawan faruwa: ƙarar murya biyu ce, ta talabijin da ta dikoda. Za ka iya kai ta talabijin ƙarshe alhali ta dikoda tana sifiri, ko an danna mata MUTE. Ɗauki kowane rimot ka gwada nasa.

Idan murya ta fita ta filashi, ka kawar da zargi daga sifiku da abin da ke tura su. Mataki na gaba ba ya cin ko sisi. Kashe talabijin da dikoda, ka zare filoginsu daga soket, ba kashewar rimot kawai ba, ka cire wayar HDMI ta kai biyun, ka jira kamar minti biyu. Mayar da waya, kunna talabijin tukuna, ka sa ta a kan ramin da ka jona, sa'annan ka kunna dikoda. Amfanin wannan shi ne, duk lokacin da aka haɗa na'urori biyu ta HDMI, mai aikowa tana karanta wani ɗan bayani daga talabijin, wanda masana ke kira EDID. A ciki talabijin ke faɗin sunanta, da girman hoton da take ɗauka, da irin muryar da take ganewa. Idan karatun bai yi daidai ba, dikoda na iya ɗauka cewa allo ne marar sifika, sai ta aika hoto zalla. A wurarenmu da ake ɗauke wuta a dawo da ita babu sallama, ko a juya daga wutar gari zuwa janareta, na'urorin biyu kan farka a tare, ɗaya ta yi tambaya kafin ɗayar ta shirya amsawa. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce jiya lafiya lau aka kwanta, yau da aka kawo wuta murya ta tafi.

Gwajin rami: misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki magidancin da ya sayi talabijin ta hannu mai inci 42, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, tana da ramukan HDMI uku a baya. Ya jona risibar dish ɗinsa a HDMI 1. Hoto ya fito, murya babu. Ya gwada filashi, murya rangaɗau. Ya zare filogi ya jira ya mayar, babu canji.

Yanzu sai ya bar risiba yadda take, ya bar wayar da yake amfani da ita, ya zare kanta daga HDMI 1 ya mayar HDMI 2, ya danna SOURCE ko INPUT a rimot ya zaɓi HDMI 2. Murya ta fito. Wannan gwaji guda ya wanke abubuwa biyu: risiba tana aiko murya, waya kuma tana kai ta. Matsalar ta taƙaita ga rami na ɗaya.

A nan ne mutane ke saurin yanke hukunci su ce ramin ya ƙone. Ba lallai ba ne. Ramin da ya ƙone yawanci hoton ma ba ya bayarwa, sai dai allo ya rubuta No Signal. Magidancin namu ya haska bayan talabijin da fitilar wayar hannu, sai ya ga ba HDMI 1 kawai aka rubuta ba, an rubuta HDMI 1/DVI, kuma kusa da shi akwai wani ƙaramin rami irin na iyafis da aka rubuta wa AUDIO IN. DVI tsohuwar hanyar haɗa kwamfuta da allo ce wadda ta girmi HDMI, hoto kawai ƙa'idarta ta tanada, babu murya. Don haka masu ƙera talabijin suka riƙa ware rami ɗaya da zai iya karɓar hoto ta HDMI, ya ɗebo murya ta wancan ƙaramin rami. A cikin saitin sauti akwai zaɓi na wannan ramin, sau da yawa Auto da Digital da Analog. Wanda ya mallaki talabijin ɗin a da ya bar shi a kan Analog, wataƙila kwamfuta yake jonawa. Ke nan talabijin ɗin ta kasa kunne ga ramin da babu komai a cikinsa, ta yi watsi da muryar da ke shigowa ta HDMI. Da aka mayar da shi Digital, rami na ɗaya ya yi magana. A wasu tsofaffin talabijin babu wannan zaɓin a fili, sunan da aka laƙaba wa ramin ne ke yin aikin: idan aka sa masa DVI PC a jerin sunaye, muryar HDMI ta yanke har sai an canza sunan.

Lamarin bai ƙare nan ba. Da dare ya yi ana zagaya tashoshi, sai aka lura wasu suna da murya, wasu kuwa bakin mai magana kawai ke motsi. Waya ba ta san wata tasha daga wata ba, rami ma haka, don haka duk matsalar da ke bin tasha ba tasu ba ce. Wannan ta shafi tsarin da aka naɗe muryar a ciki, kuma ita ce nake ganin ta fi cancantar a zauna a kanta, don ta fi kowace rikita mutane.

Murya tana iya bin HDMI ta hanya biyu. Ta farko ita ce PCM, wato na'urar da ke aikowa ta riga ta warware muryar, talabijin sai dai ta busa a sifika. Ƙa'idar HDMI ta wajabta wa duk na'urar da ke karɓar murya ta iya karɓar PCM mai ɓangare biyu, hagu da dama. Ta biyu kuwa ita ce a aiko muryar a dunƙule yadda tasha ko fim ya zo da ita, a tsarin Dolby Digital, wanda risiba da yawa ke rubutawa AC3, ko kuma DTS, a bar wa talabijin aikin warwarewa. A saiti ana kiran wannan Bitstream ko RAW ko Passthrough. Warware waɗannan sai kamfanin da ya ƙera talabijin ya biya kuɗin lasisi, kuma ba kowa ke biya ba. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba: Samsung ta daina sa DTS a talabijin ɗinta tun daga samfurin 2018. Idan aka aiko wa talabijin abin da ba ta iya warwarewa, ko dai ta yi shiru, ko ta riƙa fitar da wata ƙara mai kama da shashshaka.

Maganin shi ne a shiga saitin risiba ko dikoda, ba na talabijin ba, a nemi Digital Audio Output ko HDMI Audio ko Audio Format, a mayar da shi PCM, wasu na rubuta LPCM ko Stereo. Magidancin ya yi haka, tashoshin da suka yi shiru suka dawo. Da a ce ba su dawo ba, abin da zai biyo baya shi ne maɓallin AUDIO na rimot ɗin risiba, domin tasha ɗaya kan zo da murya fiye da ɗaya, kuma akan dace risiba ta tsaya a kan wadda babu komai a cikinta. Idan kuma tashar AC3 kaɗai take da shi, risibar kuwa irin mai arha ce da ita ma ba ta iya warware shi, to an kai iyaka: babu wayar da za ta gyara wannan. Haka nan tashar da ta sauya lambobin watsa shirinta a tauraron ɗan'adam tana iya barin hoto ta rasa murya har sai an sake binciko tashoshi.

Yaushe ne laifin waya?

Ban ce waya ba ta taɓa yin laifi ba. Da a ce magidancin ya zagaya ramuka ukun duka shiru, ya mayar da risiba kan PCM shiru, to lokacin gwada waya ya yi. Amma ba sabuwa daga leda ake gwaji da ita ba, don sabuwa ma tana iya zuwa da lahani. A aro wadda ake da tabbacin tana ba da hoto da murya yanzu haka a ɗakin maƙwabci, gajera, mita ɗaya ko biyu. A bar risiba ɗaya, rami ɗaya, a canza waya kawai. Sannan a kai wadda ake zargi can gidan maƙwabcin a jona a nasa kayan. Idan ta yi aiki a can, ta kuɓuta.

Hanyar da waya ke iya kashe murya ta bar hoto ita ce ta wancan bayani na EDID. Shi ba ta silin hoto yake bi ba, haƙori na 15 da na 16 ne nasa. Idan ɗayansu ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, ko silinsa ya tsinke daga ciki saboda an matse talabijin da bango har kan wayar ya karye, mai aikowa ba za ta san da wa take magana ba. Wata na'urar sai ta ƙi ba da komai, wata kuma ta aiko hoto ba murya. A kwamfuta ana iya gane wannan: maimakon sunan talabijin ɗin ya bayyana, sai Windows ta kira ta Generic Non-PnP Monitor, hoton kuma ya zo a ƙaramin girma, rubutu manya-manya.

Wayar da ta gaza a silin hoto kuwa ba ta ɓuya. Za ka ga fararen ɗigo na walƙiya a allo, ko hoto ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo, murya na yankewa tana dawowa. Doguwar waya ta fi yin haka. Zuwa mita biyar kusan kowace mai kyau tana yi, daga mita goma zuwa sama sai an zaɓa. Gwajinta shi ne a rage girman hoto a dikoda daga 1080 zuwa 720. Idan yankewar ta tsaya, wayar ce ta kasa ɗaukar nauyin. Wasu dogayen wayoyi kuma suna da gaba da baya, an rubuta Source a kai ɗaya, Display ko TV a ɗayan. Wanda ya juya su ba zai ga komai ba. Abin da ba gaskiya ba ne shi ne cewa waya mai tsada tana ƙara wa murya daɗi. Lambobi take kaiwa, in sun isa daidai sun isa. Wadda aka rubuta wa High Speed ta wadatar ga dikoda da risiba.

A kula da abin da ke tsakanin waya da na'ura. Idan akwai adafta daga DVI zuwa HDMI, kada a sa ran murya sai an yi sa'a da irin kwamfutar. Kwanbata daga VGA zuwa HDMI kuwa ba ta da inda za ta samo murya sai an jona mata ƙaramar wayar iyafis da ke zuwa tare da ita. Masu gidajen kallon ƙwallo da ke raba dikoda ɗaya ga talabijin uku ko huɗu ta sifilita suna da tasu damuwar: sifilita kan ɗauki bayanin talabijin ɗaya, sau da yawa wadda ke rami na farko, ta miƙa wa dikoda a madadin kowa. Idan waccan tana gane Dolby, dikoda za ta aiko Dolby, sauran da ba su gane ba su yi tsit. Nan ma PCM ce mafita. Kuma a kowane gwaji, a cire duk wani ɗan tsakiya a jona kai tsaye tukuna.

Kwamfuta da na'urar gem

Gwaji na uku bayan rami da waya shi ne canza mai aikowa: waya ɗaya, rami ɗaya, a cire dikoda a sa laftof. Sai dai laftof tana da nata halin, kada ta ruɗe ka. Sau da yawa takan aika hoto talabijin ta riƙe murya a sifikunta. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan:

```
mmsys.cpl
```

Akwatin Sound zai buɗe a shafin Playback. Nemi sunan talabijin ɗinka, ka danna masa maɓallin dama, ka zaɓi Set as Default Device. Idan ba ka gan shi ba, danna dama a fili ka sa alama a Show Disabled Devices, in ya bayyana a dushe ka zaɓi Enable. Idan har yanzu babu shi, ka tuna cewa muryar HDMI ba daga katin sauti take fita ba, daga ɓangaren hoto take. Kwamfutar da aka sake wa Windows a shago ba a sa mata direban hoto na Intel ko NVIDIA ko AMD ba, tana iya nuna hoto ta rasa muryar HDMI gaba ɗaya. A sa direban daga kamfanin da ya ƙera ta. Bayan an canza saiti, a rufe manhajar da ke kunna fim ɗin a sake buɗewa, don wasu suna manne wa sifikar da suka tarar da farko. A kwamfutar Mac, zaɓin yana cikin Sound, ƙarƙashin Output.

Masu shagon gem su duba abu biyu a PlayStation 4. A cikin Audio Output Settings, Primary Output Port ya kasance HDMI OUT, Audio Format kuma Linear PCM. Sannan idan an soka iyafis a jikin abin riƙewa, kuma Output to Headphones yana kan All Audio, muryar duka can za ta tafi.

Idan hom tiyata ce ta yi shiru

Akwai yanayi guda da murya ke da silinta a cikin HDMI, shi ne idan tana komawa baya, daga talabijin zuwa hom tiyata ko doguwar sifikar nan da ake ajiyewa a ƙasan allo. Ana kiran wannan ARC, an shigo da shi a 2009, kuma haƙori na 14 yake bi. A nan waya na iya zama mai laifi kai tsaye alhali hoto lafiya lau. Amma kafin a zarge ta, a duba abubuwa uku. A yawancin talabijin rami ɗaya ne tak ke yin wannan aiki, wanda aka rubuta wa ARC ko eARC, kuma ba lallai ya zama na farko ba. A jikin sifikar ma, ramin da aka rubuta wa HDMI OUT ko TV ARC za a jona, ba HDMI IN ba. Na uku, ARC ba ya tashi sai an kunna CEC, tsarin da ke ba na'urori damar ba juna umarni, wanda kowane kamfani ya raɗa wa suna nasa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony, EasyLink a Philips. Kishiyar wannan ma tana faruwa: an cire hom tiyata an kai wani ɗaki, talabijin kuwa ta ci gaba da tura murya ramin ARC.

Inda gwajin gida ya tsaya

A ce filashi yana ba da murya, an gwada ramuka duka, an gwada waya biyu da aka tabbatar da lafiyarsu, an gwada dikoda a kan PCM da laftof, kowanne hoto ba murya. Sauran abu ɗaya da ya rage a gida shi ne mayar da talabijin saitin masana'anta, Factory Reset ko Reset to Initial Settings. A sani cewa zai goge tashoshin eriya da kalmar sirrin intanet. Idan wannan bai yi ba, matsalar tana kan babban allon da ke cikin talabijin, inda ramukan HDMI duka ke haɗuwa, kuma aikin mai gyara ne. Kada a kwance bayanta a gida. Ɓangaren wuta yana riƙe caji ko bayan an zare filogi. Idan kuwa laftof ta ba da murya dikoda ta ƙi, a kowane rami da kowace waya, kuma a gidan maƙwabci ma haka, to dikoda za a kai gyara, a bar talabijin a bango.

Kafin a samu kuɗin gyara akwai dabarar wucin gadi. Yawancin dikoda da risiba suna fitar da murya ta ramukan ja da fari a daidai lokacin da hoto ke bin HDMI. A ja waya daga nan zuwa ramin AUX na rediyo ko hom tiyata, a ci gaba da kallo. Idan kuma rami ɗaya ne kawai ya mutu, babu dalilin kwance talabijin: a koma na kusa da shi, a liƙa wa mataccen salatif don kada a sake wahala da shi.

Ramukan HDMI ba su da juriya ga tsallen wuta. Da damina, tsawa kan biyo wayar dish ta shiga risiba ta wuce talabijin ta HDMI, ko da an kashe su da rimot. Idan hadari ya haɗo da walƙiya, a zare filogi, a kwance wayar dish daga bayan risiba. Kuma duk da an ƙera HDMI don a iya sokawa da zarewa tana kunne, a gidan da wayarin ɗinsa ba shi da wayar ƙasa, inda taɓa bayan dikoda kan ɗan ja hannu, ya fi aminci a kashe soket kafin a jona ko a cire.

Mai karatu, in har ta kai ka ga zuwa wurin mai gyara, kada ka ce masa kawai ba ta magana. Rubuta a takarda abin da ka gwada: filashi ya yi murya ko bai yi ba, wane rami ya yi wane bai yi ba, waya nawa, na'ura nawa, kuma ka mayar da saiti kan PCM ko a'a. Ka tafi da dikodarka da wayarka, ka sa a jona su a gabanka kafin a kwance ko da noti ɗaya.